Maganin Maleriya na Atemeta-Lumefantirin ga Yara: Ƙwaya Nawa, Yaushe, da Abin Yi Idan Yaro Ya Yi Amai

Waɗannan amsoshi sun shafi yaron da aka gwada aka tabbatar yana da zazzaɓin cizon sauro, amma jikin bai yi tsanani ba: yana cikin hayyacinsa, yana iya sha, yana iya haɗiya. Maganin da ake magana a kai shi ne atemeta-lumefantirin, wanda mutane da yawa suka fi sani da Kowatem, ko da yake kamfanoni da dama suna yin sa da sunaye iri-iri. Ana shan sa sau shida cikin kwana uku, kuma duk shidan sai sun zauna a ciki kafin a ce an yi magani.

Ƙwaya nawa ake ba yaro a sha ɗaya?

Nauyin yaro ne yake yanke wannan hukunci. Ƙwayar da aka gina lissafin a kanta ita ce mai lamba 20/120 a jikin kwali, wato miligiram 20 na atemeta da miligiram 120 na lumefantirin. Ga yadda ake raba ta:

- Daga kilo 5 zuwa ƙasa da kilo 15: ƙwaya 1 a kowane sha, jimilla 6.
- Daga kilo 15 zuwa ƙasa da kilo 25: ƙwaya 2, jimilla 12.
- Daga kilo 25 zuwa ƙasa da kilo 35: ƙwaya 3, jimilla 18.
- Daga kilo 35 zuwa sama: ƙwaya 4, jimilla 24, daidai da babban mutum.

A lura da kalmar "ƙasa da". Yaron da sikeli ya nuna kilo 14.8 yana nan a ƙwaya ɗaya, wanda ya cika kilo 15 cif ya koma ƙwaya biyu. Ba a raba ƙwaya gida biyu don yaro yana dab da iyaka, an riga an yi lissafin da wannan tazarar a ciki.

In babu sikeli fa, ba za a iya bin shekaru ba?

Za a iya, amma a matsayin rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ƙiyasin da aka saba shi ne ƙwaya ɗaya har zuwa shekara uku, biyu daga huɗu zuwa takwas, uku daga tara zuwa goma sha huɗu. Matsalar ita ce yara ba sa girma bisa jadawali. Akwai ɗan shekara uku ɓul-ɓul da ya haura kilo 15, akwai kuma 'yar shekara biyar da rashin abinci ya bar ta a kilo 13. Ga shi kuma iyaye da yawa da damina ko da salla suke ƙirga shekarun yaro, ana iya samun kuskuren shekara guda ba da gangan ba.

Kuskuren da ya fi cutarwa shi ne na ragewa. Yaro mai kilo 20 da aka ba ƙwaya ɗaya ya sha rabin abin da ya kamata ke nan. Zazzaɓin zai iya sauka, kowa ya ce an samu lafiya, bayan mako biyu ko uku ya dawo.

Idan sikelin manya kawai ke akwai kuma yaron ba ya tsayuwa, uwa ta hau da shi a hannu, a rubuta, ta sauke shi ta sake hawa ita kaɗai, a cire. A tabbata an cire takalmi da kaya masu nauyi, kuma allurar sikelin tana kan sifiri kafin a hau. Nauyin da aka rubuta a katin asibiti wata shida da suka wuce ba abin dogaro ba ne ga ƙaramin yaro.

A kemis an ba mu kati mai ƙwaya shida, an ce ɗaya-ɗaya. Shi ke nan daidai ne?

Sai an duba lambar da ke jikin kwalin. Nan ne ake yawan tafka kuskure, domin ƙwaya shida ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai 20/120, akwai 40/240, akwai 60/360, akwai kuma 80/480. Ta 40/240 guda ɗaya tana madadin ƙananan biyu, don haka ta mai kilo 15 zuwa ƙasa da 25 ce. Ta 80/480 guda ɗaya madadin huɗu ce, ta manya ce. Duk katunan nan ƙwaya shida-shida ne, duka kuma "ɗaya da safe ɗaya da dare" ake cewa. Wanda ya ɗauki ragowar katin maigida ya ba ɗan shekara biyu ƙwaya ɗaya, ya ba shi ninki huɗu na rabonsa.

Akwai kuma na gari da ake zuba wa ruwa a kwalba. Ƙarfinsa da yadda ake auna shi sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma in ba a girgiza sosai ba maganin yakan kwanta a ƙasa. Ga ƙananan yara, ƙwayar da ke narkewa a ruwa ta fi shi tabbas.

A wane lokaci ake ba da kowane sha?

Na farko nan take, ba a jiran gari ya waye. Na biyu bayan awa 8. Daga nan sai sau biyu a rana har kwana biyu, tazarar awa 12. In an ƙirga daga shan farko, awannin su ne 0, 8, 24, 36, 48 da 60.

Wanda ya fara da ƙarfe 10 na safiyar Litinin zai sha na biyu da ƙarfe 6 na yamma, sannan Talata safe da dare, Laraba safe da dare. Wanda ya fara da ƙarfe 8 na dare kuwa, na biyunsa zai faɗo ƙarfe 4 na asuba, na uku ƙarfe 8 na daren da ya biyo, na ƙarshe kuma sai safiyar rana ta huɗu. Ba laifi. Sau shidan ake ƙirgawa, ba kwanan kalanda ba. Ya fi kyau a rubuta lokutan a bayan kwalin tun a wurin karɓar magani, a kuma sa ƙararrawar waya saboda na tsakar dare.

Dalilin da ya sa ba a tsayawa a hanya yana cikin yadda magungunan biyu suke aiki. Atemeta mai saurin duka ne, yana rage ƙwayoyin cutar da gaggawa, shi ya sa jiki ke yin sanyi tun a rana ta biyu, amma cikin 'yan awanni yake fita daga jini. Lumefantirin a hankali yake taruwa, sha bayan sha, ya daɗe kwanaki a jiki yana share ragowar. Wanda ya daina a sha na huɗu don yaro ya fara wasa, ya hana mai sharar ƙarasa aikinsa.

Dole ne sai da abinci?

Lumefantirin ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. A cikin da babu komai, kaɗan daga cikinsa hanji ke tsotsa, sauran ya wuce. Ba kuma maiƙo mai yawa ake nema ba. Nonon uwa ya isa ga mai shan mama. Ga wanda aka yaye, rabin kofin madara, ko kindirmo, ko kunun gyaɗa, ko ƙosai ɗaya, ko 'yar loma da miya mai mai. Koko zalla da shayi marar madara ba su da maiƙon da ake so. A ba da abin tare da maganin ko da zarar an haɗiye shi.

In yaro ya ƙi cin komai a ranar farko, kada a riƙe magani ana jiran ya ci. A ba shi, a ci gaba da lallashi da ɗan nono ko madara, da zarar ya fara karɓar abinci a riƙa haɗawa. Kada kuma a cika masa ciki don neman maiƙo, cikakken ciki da zazzaɓi su ne ke kawo aman da ake gudu.

Yaya ake ba ƙaramin da bai iya haɗiye ƙwaya ba?

Mai narkewa a ruwa ana sa ta a ƙaramin kofi da ruwa mai tsabta kamar cokalin shayi biyu, wato mililita 10, ga kowace ƙwaya. A juya har ta narke, a ba shi nan take, sannan a ɗauraye kofin da wani ɗan ruwan a ba shi ya shanye, domin abin da ya manne a gindin kofi shi ma magani ne. In ta haɗiya ce kawai aka samu, a murƙushe ta tsakanin cokali biyu, a dama da ɗan ruwa ko madara. Kada a zuba ta a cikakken kofin kunu, in ya sha rabi ya ture ba wanda zai san nawa ya shiga.

A zaunar da yaro a cinya, kansa a ɗage, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ta gefen kumatu. Ɗura, wato a kwantar da yaro a toshe masa hanci a tuttula, tana jawo amai, kuma tana iya tura ruwan cikin huhu. Ba a yi wa mai magagi ko mai jijjiga ɗurar komai.

In jiki ya yi zafi rau, ya fi kyau a fara da farasitamol, miligiram 15 ga kowane kilo, a shafa masa ruwa mai ɗumi-ɗumi, a ɗan dakata zafin ya lafa sannan a ba da maganin maleriyar. Yaro mai zafin jiki sosai ya fi saurin amai. Wannan jira na mintuna ne, ba na wuni ba. Asfirin kuwa ba a ba yara shi.

Ya sha, ya yi amai. A sake ba shi ko a bari?

Agogo za a duba. Shi ya sa ake so a lura da lokacin da aka ba da kowane sha, kuma a asibiti akan riƙe uwa ta zauna bayan shan farko a ga ko zai zauna.

In aman ya zo cikin minti 30, babu wata shawara: a ɗauka maganin bai shiga ba, a sake ba da cikakken adadin. Mai ƙwaya biyu a sake masa biyu, ba ɗaya ba. Tsakanin minti 30 da awa ɗaya akwai ɗan bambancin ƙa'ida. Wasu ƙasashe da asibitoci a rabin awa suke tsayawa, amma jagorar kula da yara marasa lafiya ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sake in ya yi amai cikin awa ɗaya. Ga wannan ta awa ɗaya muka fi karkata, domin illar ƙarin sha ɗaya ba ta kai illar rasa shi ba. In an wuce awa ɗaya, ba a sakewa, sai a jira lokacin na gaba.

Kalar amai ba ta isa hujja ba. Maganin rawaya ne, amma aman da ya taho da ruwan ɗaci shi ma rawaya ne, kuma rashin ganin ƙwaya a ciki ba ya nufin ta shiga jini. Sai dai in an ga ƙwayar sukutum, to wannan shan bai ƙirgu ba.

Kafin a sake, a wanke masa baki, a bar shi ya huta kamar minti 15 zuwa 20, a duba zafin jiki, a gwada kurɓi biyu na ruwa ko ɗan nono. In sun zauna, sai a ba da maganin a hankali.

Tofarwa daban take da amai. In ya furzar da kusan duka tun bai haɗiye ba, a sake. Ɗan tumbuɗin jariri da bai fi cokali ba bayan ya sha mama kuwa, ba ya sa a sake.

To ai ƙwayoyin za su kasa. Yaya ke nan?

Za su kasa, kuma wannan shi ne gurbin da aka fi faɗawa. A ɗauki yaro ɗan shekara huɗu mai kilo 17. Rabonsa ƙwaya biyu sau shida, an ba shi kati mai 12. Ya sha na farko ƙarfe 10 na safe, ƙarfe 10 da minti 20 ya amayar. An huta, an ba shi farasitamol, ƙarfe 11 aka sake ba shi biyu, suka zauna. Wannan na ƙarfe 11 shi ne shan farko na gaskiya, don haka na biyu zai koma ƙarfe 7 na yamma.

Yanzu a ƙirga. An ɓalle huɗu, saura takwas. Shan da ya rage biyar ne, ƙwaya goma ke nan. Akwai giɓin biyu. In ba a cike ba, katin zai ƙare a sha na biyar, uwa ta ga kati babu komai ta ɗauka an gama. Wasu kuma sukan yi dabara su mayar da shan ƙarshe biyu ɗaya-ɗaya don ya kai, wanda shi ma ragewa ne. Abin yi shi ne a koma inda aka karɓi maganin tun a ranar ko washegari, a ce, "Malam, yaron nan ya amayar da na farko, mun sake masa, a cika mana biyu." A tabbata masu lamba ɗaya ne da na farkon.

In ya amayar da wanda aka sake masa fa?

A nan ake tsayawa. Ba a yi na uku a gida. Yaron da ya amayar da magani sau biyu a jere, ko wanda duk abin da ya sha sai ya dawo har ruwa da nono, ya fita daga sahun masu maleriya mai sauƙi, ana ɗaukarsa kamar mai tsanani ko da yana magana. A kai shi asibitin da ke da gado a ranar, ko da dare ne.

A can allurar atesunet ake yi, ta jijiya ko ta tsoka: miligiram 3 ga kowane kilo in bai kai kilo 20 ba, 2.4 in ya kai. Ana yi a awa 0, 12 da 24, a ƙalla sau uku, kuma da ya iya sha sai a ba shi cikakken atemeta-lumefantirin na kwana uku daga farko. Allura ɗaya a kemis a dawo gida ba magani ba ne. Inda asibiti ke da nisa, ma'aikacin lafiya na iya sa wa yaron da bai kai shekara shida ba atesunet ta dubura kafin a kama hanya, amma wannan guzurin tafiya ne kawai, ba ya maye gurbin zuwa.

Kada a sayi maganin tsayar da amai a ba yaro ba tare da likita ba. Wasunsu suna sa barci mai nauyi da zai ɓoye alamar cewa ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa, wasu kuma suna sa wuya da ido su juye.

Waɗanne alamu ne ke nuna a bar ƙwaya a tafi asibiti, ko da babu amai?

Jijjiga ko taune-taune. Barcin da ba a iya tashinsa, ko ruɗewa. Kasa zama ko tsayuwa ga wanda da yake yi. Kasa kama mama. Numfashi da sauri ko da ƙyar. Tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat. Ido ya yi rawaya. Fitsari kalar baƙin shayi, ko fitsarin ya ɗauke. Ɗaya daga cikinsu ta isa.

Haka kuma jaririn da bai kai kilo 5 ba, ko wanda bai cika wata biyu ba kuma yana zazzaɓi, ba a lissafa masa magani a gida ko a kemis.

An manta sha ɗaya. A haɗa biyu?

A'a. A ba shi wanda aka manta da zarar an tuna, a ci gaba da sauran da tazararsu har shida su cika. Haɗa biyu ba ya biyan bashin, domin hanji yana da iyakar lumefantirin da yake iya ɗauka a lokaci guda.

An gama maganin amma zazzaɓi bai tafi ba, ko ya dawo. A sake sayen wani kati?

Ana sa ran jiki ya fara sauƙi cikin kwana biyu. In an kai kwana uku zazzaɓi na nan, ko jikin ya ƙara lalacewa a kowane lokaci, a koma asibiti. Tambayoyin farko da za a yi su ne waɗanda aka bi a sama: nawa ne nauyinsa, wace lamba ce a kwalin, ya sha sau shida, ya yi amai, an haɗa da maiƙo? Sau da yawa a nan amsar take. Sai kuma yiwuwar jabun magani, shi ya sa yana da kyau a tafi da kwalin. Sannan yaro na iya ɗauke da maleriya da wani ciwon a tare, kamar ciwon huhu, ciwon kunne ko na mafitsara.

Gwajin tsinke na gaggawa ba ya raba gardama a wannan mataki, domin yakan ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan ƙwayoyin cutar sun mutu. Sai an duba jini a madubin ɗakin gwaji. In an tabbatar maleriyar ce ta dawo cikin kwana 28, akan canza zuwa wani haɗin na dangin atemisinin, wato dangin su atemeta da atesunet, ba a maimaita wannan ba. In ta wuce kwana 28, ana ɗaukarta sabon kamu, a ba da wannan ɗin daga farko.

Yaron yana shan maganin rigakafin damina da ake rabawa gida-gida. Zai iya shan wannan?

Zai iya, kuma shi ne ma ya fi dacewa. Maganin da ake raba wa 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata a arewacin Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen Sahel yana ɗauke da amodiyakwin, don haka in yaron ya kamu duk da haka, an fi so a kauce wa haɗin atesunet da amodiyakwin a ba shi atemeta-lumefantirin. In masu rabo sun zo yana tsakiyar zazzaɓi ko yana kan wannan magani, a gaya musu, ba a ba shi na rigakafin a wannan zagayen, sai na wata mai zuwa.

Wanda yake shan maganin tarin fuka mai rifamfisin, ko maganin farfaɗiya irin su kabamazafin da fenitoyin, ko wasu magungunan ƙanjamau, dole a sanar da likita kafin a fara. Waɗannan suna sa hanta ta kawar da atemeta da lumefantirin da wuri, sai a sha shidan cif amma abin da ya zauna a jini bai isa ba. Yaro mai tamowa shi ma jikinsa ba ya tsotsar lumefantirin yadda ya kamata. Adadin ƙwayarsa yana nan bisa nauyinsa, amma a ba shi tare da madarar jinya ko abincin gyaɗar nan na tamowa, kuma a dawo da shi a duba shi a rana ta uku ko da ya yi kamar ya warke.